Yarinyar da Na Je Yi wa Faɗa a Dutsin-Ma

Ni ce ke riƙe da wayar ƙungiya a unguwarmu, nan Kurfi. Ba don karatu aka ba ni ba, ko sunana ban iya rubutawa. An ba ni ne saboda babu gidan da zan yi sallama a ce in dakata a zaure, kuma mata sun san ba na ƙara wa magana gishiri. Ƙungiyar ta masu taimakon mata ce a kan kiwon awaki da tumaki, ofishinsu yana Dutsin-Ma. Duk mako su turo saƙon murya cikin wayar, ni kuma in yafa mayafina in bi gida-gida. In na shiga, sai a kife turmi, in ɗora wayar a kai, in danna inda aka nuna mani, mata su kewaye da yara a goye. Wadda ta yi surutu in harare ta. Haka aikin yake.

Da farko wata malama ce daga Wurma ke karanta saƙon. Ta daɗe tana koyarwa a firamare kafin ta huta, kuma kusan kowace mace a nan ko ta san ta ko ta san wadda ta san ta. Ba ta fara magana sai ta gaishe mu, ta tambayi yara, ta tambayi dabbobi, kamar za mu amsa. Kuma amsawa muke yi. Tana da wani ɗan tari da ke katse ta a tsakiyar zance, in ta yi sai ka ji mata sun ce sannu. Wata rana ta ce a rage ba awaki masu ciki kanwa da yawa, wata tsohuwa a bayan masallaci ta ce ita ba ta yarda ba. Ba ta yi gardama da waya ba. Ta jira har suka haɗu wurin wani suna a Wurma, ta ja Malama gefe, suka yi ta ta ƙare. A wurinmu magana tana da mai ita. In ta yi kyau a san wanda za a gode wa, in ta ɓaci a san ƙofar da za a buga.

Bayan wata ƙaramar Sallah sai na danna waya na ji wata murya dabam. Yarinya ce, murya sumul, Hausarta ta mutanen Kano. Sallama ɗaya ta yi ta faɗa cikin zance. Na kira malamin dabbobin da ke kula da ɓangarenmu, mutum ne mai fara'a wanda nake gani kamar ɗan cikina, na ce ina Malama? Ya ce, "Inna, kuɗin aikin ne aka rage mana, mun canja tsari." Yana kan babur, iska na kaɗa maganarsa, ban ƙara tambaya ba. Na ɗauka sun sami yarinya mai sauƙin biya, abin da na faɗa wa mata ke nan.

Ba su so ta ba da farko. Matar ƙanena, wadda ta fi kowa awaki a unguwar kuma ta fi kowa baki, ta saurara ta taɓe fuska.

"Yaya, wagga ɗiyar wa ce? Ko numfashi ba ta yi. Halan kora ta ake?"

"Ki saurari abin da take faɗi, ba numfashinta aka aiko ki ji ba."

"To ai ko tambaya ta yi ba ka gane tambaya ce. Kamar mai karanta wa alƙali takarda."

Gaskiyarta ce. Ni ma na lura. Yarinyar in tana maganar mutuwar akuya da in tana maganar haihuwar tagwaye, murya ɗaya ce, ba hawa ba sauka. Wata kalmar ta ja ta inda ba a ja, wata ta danne inda ake ɗagawa, sai ka gane daga abin da ya biyo baya. Na ce a raina ƙila a birni ta tashi, cikin masu haɗa Hausa da boko. Amma kuma akwai abin da ba zan hana ta ba: ana jin ta tar. Ba kukan zakara a bayanta, ba tari, ko kurmar tsohuwa tana kama kowace kalma. Saƙon ma ya daina makara. Da akan yi mako biyu shiru in Malama ba ta da lafiya ko hanya ba daɗi. Yanzu ba fashi.

A hankali suka saba da yarinyar. Ta ce a ɗaga wurin kwanan awaki daga danshi, aka ɗaga, kofato ya daina ruɓewa. Ta ce sabuwar akuya daga kasuwa a ware mata turke nata na ɗan lokaci kafin a haɗa ta da garke, waɗanda suka bi suka ga amfani. Sai aka koma ce mata yarinyarmu. "Yau mi yarinyarmu ta ce?" Matar ƙanen nawa da kanta ta ce in na je Dutsin-Ma in duba mata ita, in yarinyar ba ta da miji, ita tana da ɗa a Kaduna. Ni kuwa duk gidan da aka yi shakka sai in ce ni na kawo ta, ku ji ta. Na ɗora sunana a kan muryar nan ba sau ɗaya ba.

Shekarar, kafin ruwa ya sauka, aka shirya allurar rigakafin annobar nan ta awaki, mai zuwa da majina da zawo da gyambon baki, wadda in ta shiga unguwa sai ta share turaku. Malamin dabbobi ya zo da kansa ƙofar gidan mai unguwa ya yi bayani. Ya ce maganin a cikin ƙanƙara yake tafiya, kuma kwalba ɗaya ta dabbobi da yawa ce. Da zarar an haɗa ta da ruwanta ba ta jira, in ba a yi amfani da ita nan da nan ba sai zubarwa. Don haka ba ya kai ta inda awaki ba za su taru ba. In unguwarmu ba ta cika ba, baɗi sai dai mu kora dabbobinmu zuwa wata unguwa. Mai unguwa ya dube ni. Na ce za su taru. A gaban maza na faɗa, ba a ɗaki ba.

Yarinyar ta yi saƙo a kan haka, ta faɗi rana, ta faɗi wuri, ta ce babu wani magani da ke maye gurbin allurar. Na zagaya da shi har inda ban saba zuwa ba.

Ana saura kwanaki kaɗan na tafi kasuwar Dutsin-Ma sayen dusa. Ina ratsa layin masu igiya da akussa sai na ji ta. Ban yi shakka ba ko kaɗan, muryar da na yi watanni ina ɗauka a ƙugu ba za ta ɓace mani ba. Daga wata lasifika take fita, an ɗaure ta a jikin baro, baron cike da ƙullin wani gari a leda. Na tsaya cak da buhu a hannu.

"Ina mata masu kiwo? Ba sai allura ba. Cokali ɗaya a ruwan dusa, akuyarki ta fi ƙarfin annoba. Yana sa ƙiba, yana sa nono, yana sa tagwaye."

Ta gama ta sake daga farko. Ba kunya, ba rawar murya, yadda ta ce mana babu abin da ke maye gurbin allura haka take cewa ba sai allura ba.

Na matsa wurin mai baron, wani mai hula a karkace yana cin rake.

"Kai, ina yarinyar nan take?"

"Wace yarinya, Hajiya?"

"Wadda ke maka ƙarya a lasifika."

Ya tofar da ɓawon rake ya yi dariya. "Hajiya, murya ce aka naɗa a kati. Shagon masu waya aka yi mani. Ki sayi ƙulli biyu in yi maki ragi."

"Ka ba uwarka ta yi tagwaye," na ce, na wuce. Ban saba zagi a kasuwa ba, amma ranar ya fita.

Abin da na fahimta a lokacin shi ne yarinyar tana cin tudu biyu: ta karɓi na ofis ta faɗi gaskiya, ta zagaya shagon waya ta karɓi na ɗan damfara ta faɗi ƙarya. Na dawo gida raina a ɓace, ban ko sauke mayafi ba na shiga wurin matar ƙanena don in ja mata kunne. Na same ta tsugune tana dama ruwan dusa, ga ledar garin nan a gefenta an kwance bakinta.

"Mi ke nan?"

"Maganin yarinyarmu. Tun waccan kasuwar na sawo. Na sawo wa mutum uku ma."

"Ba na ƙungiya ba ne."

"Yaya, da kunnena na ji ta. Ita ce. Ke kika ce mu ji ta."

"Ta ce a yi allura!"

"Da ta ce. Yanzu kuma ta sami wanda ya fi, ta faɗa. Ai ilimi gaba yake yi. Ni dama allurar nan ba ta kwanta mani ba, bara wata ta ce akuyarta ta yi ɓari bayan an yi."

Kafin magariba na gane ba ita kaɗai ba ce. Zancen ya riga ni shiga gidaje. Mace ba ta son ta kwance awaki ta kora su cikin rana tana rigima da bunsuru in ga abin da za ta zuba a ruwa tana zaune. Kuma duk wadda na yi wa magana amsa ɗaya ce: ai yarinyarki ce ta faɗa.

Washegari na koma Dutsin-Ma, wannan karon ba don dusa ba. A mota ina ta shirya abin da zan gaya mata. Na yi niyyar in tambayi gidansu, in ba ta ji ba in sami uwarta. Na isa ofishin, ɗakuna biyu ne da baranda, na sami malamin dabbobi da wata ma'aikaciya mai gilashi suna cin ƙosai a kan takarda.

"A'a, Inna! Da kanki? Ga kujera."

"Ban zo zama ba. Ku fito mani da yarinyar nan."

Suka dubi juna. Na faɗa masu abin da na ji a kasuwa da abin da na tarar a gida. Mai gilashi ta fara dariya ta toshe baki da gefen hijabi. Na kalle ta har ta bari. Malamin kuwa bai yi dariya ba. Ya goge hannu, ya jawo kwamfuta ya buɗe ta a gabana.

"Inna, faɗi wata magana. Ko wace iri."

"Ba wasa ya kawo ni ba."

Ya taɓa maɓallan nan ƙwas-ƙwas, ya danna wani wuri. Sai yarinyar ta ce, daga cikin kwamfutar, da muryarta sumul: "Ba wasa ya kawo ni ba."

Na zauna a kujerar da na ce ban zo zama ba.

Ya yi mani bayani a hankali, kamar mai lallashin mara lafiya. Babu yarinya. Na'ura ce aka koya wa magana da muryoyin mutane da aka naɗa da yawa, har ta iya karanta duk abin da aka rubuta mata. Shi ke rubuta saƙon, ko ita mai gilashi, na'ura ta karanta, su saurara, inda ta karkace su sake rubutun ta wata hanya har ta faɗa daidai. Lambobi ma da kalmomi suke rubuta mata su, don in an bar mata alƙaluma takan kwaɓa. Na ce to wa ya kai ta wurin mai baro? Ya ce ba wanda ya kai ta. Ba tasu ba ce su kaɗai. Duk mai waya da data yana iya shiga ya sa ta ta faɗi abin da ya ga dama, kuma muryoyin Hausa a wurin ba su da yawa, ta macen da ta fi daɗin ji ita kowa ke ɗauka.

"Wato ko ni na ce ta zagi mai unguwa za ta zaga?"

"In an rubuta, Inna."

"Ba za ta ce a'a ba?"

"Ba ta san mai unguwa ba. Ba ta san akuya ba ma."

"Kuma ka bar ni ina yawo da ita gida-gida ina cewa ni na kawo ta. Har miji aka yi mata."

Mai gilashi ta tashi ta fita baranda, ina jin tana shaƙewa da dariya. Shi ya sunkuyar da kai ya ce wallahi bai taɓa kawowa a ransa cewa mun ɗauka mutum ce ba, shi a ganinsa kowa ya sani. Kowa, wato su da ke zaune da kwamfuta.

Na ce a dawo da Malama. Ya ce da zai iya da ya yi tun jiya. Ya lissafa mani da yatsu: kuɗin motarta zuwa da komawa, ladan karatunta, hayar ɗakin da ake naɗar murya, mai gyara sautin. In aka ɗaga ranar allura, ko aka canja wuri, sai an sake kiranta daga Wurma don kalma biyu. Ita wannan kuwa kafin ya sha ruwa ya gyara, abin da suke kashewa a kanta bai kai kuɗin motar Malama ba. Ya ce da abin da suka rage ne suka ƙara ƙauyuka, har Kutawa yanzu saƙo yana isa. Ban ce ƙarya yake ba. Na san yadda kuɗi ke ƙarewa. Amma na ce masa su sun yi arha, ni aka bari da tsadar.

Sai ya kawo wata dabara, yana murna kamar ya tsinci abu. Wai akwai hanyar da za a ɗauki tsofaffin saƙonnin Malama a koya wa na'ura, in ta yarda, ta riƙa magana da muryarta sak.

"Har tarin?"

"Kusan har shi."

"To ranar da na ji Malama a jikin baro tana tallar gari, ina zan sa kaina? Kada ka ƙara faɗin wannan a gabana."

Ya ce zai sa a yi sabon saƙo a ƙaryata garin. Na ce da wace murya? Yarinyar ta fito ta ce kada ku yarda da yarinyar? Ya roƙe ni abu ɗaya: in bar zancen na'ura a cikina har a gama allura, kada mata su watse gaba ɗaya. Na ce masa ban taɓa kwana da ƙarya a baki ina sane ba, ba kuma zan fara da furfura ba.

Daga nan ban koma gida ba, na nemi mota zuwa Wurma. Na sami Malama a tsakar gida tana tsince wake a faifai. Ta karɓe ni da kyau, ta kawo fura, amma da na faɗi abin da ya kawo ni sai fuskarta ta canja.

"Hajiya, ko sallama ba su yi mani ba. Kira ne kawai ya daina zuwa. Ina zaune wata ɗiyar ƙanwata ta kunna mani wadda ta gaje ni. Yanzu da ta ɓata masu shi ne aka tuna da tsohuwa mai tari?"

"Ba su suka aiko ni ba. Ni na zo, kuma ba ni da abin biyan ki."

Ta ci gaba da tsintar wakenta har na ɗauka ta ƙi. Can ta ce in kira mata malamin. Ta karɓi wayar ta tsare shi da tambaya: wace rana, wane wuri, akuya mai ciki fa, ɗan akuya daga wata nawa, garin nan ya gan shi da idonsa ko ji ya yi. Ya ce bai san abin da ke cikinsa ba. Ta ce to ba za ta ce guba ne ba, za ta ce ba a san abin da ke ciki ba kuma ba ya hana annoba. Haka take aiki tun da, ashe. Abin da ba ta gamsu da shi ba ba ya fita bakinta, sun sha yin rigima da su a ɗakin naɗar murya. Sannan wani maƙwabcinta ya danna mana wurin ɗauka, ta yi magana cikin wayar ƙungiya, kaji na kuka, jikarta na jan zaninta. Ta gaishe mu. Ta yi tarinta. Ta faɗi gaskiyar yarinyar da bakinta, ta ce duk mai shakka ta san gidanta.

Na dawo ina ganin an gama. Na tara mata a gidan ƙanena, na fara faɗa masu abin da na gani a ofis da idona, sannan na kunna Malama. Wasu tsofaffi suka ce sannu da ta yi tari. Amma da saƙon ya ƙare sai tambayoyi suka taso.

Wata amarya ce ta fara. "To Inna, in ƙarfe yana iya magana kamar mutum, wannan ma ya aka yi muka san Malama ce?"

"Ina zaune a gabanta ta yi shi. Furarta na cikina."

"Waccan ma kin ce ke kika kawo ta," in ji matar ƙanena. Ba da tsawa ta faɗa ba, tana ɓare gyaɗa. "Yaya, ba raini ba. Wata da watanni kina sa mu muna amsa sallamar ƙarfe. Yanzu kin ce ƙarfen maƙaryaci ne. To ranar da ya ce a yi allura, gaskiya ya faɗa ko ƙarya?"

"Ranar malamin dabbobi ne ya rubuta masa."

"Ranar gari kuma wani ya rubuta. Mu da ba mu ga mai rubutun ba fa?"

Abin da ya fi komai ƙona mani rai shi ne tambayarta daidai take. Wata ma cewa ta yi ita dai yarinyar ta fi fita tar, ta Malama sai ka kasa kunne saboda kaji. Na tashi na kakkaɓe zanina.

Kwanakin da suka rage na ajiye wayar a ƙarƙashin katifa na fita da ƙafata da bakina. Kowane gida na shiga na ce ba waya, ba Malama, ba yarinya. Ni ce, kun san inda nake kwana, in akuya ta yi ɓari ku zo ku kama ni. Wasu suka ce to. Wasu suka ce sai sun tambayi maigida, wanda a bakin mace ma'anarsa a'a.

Ranar allura na riga kowa kwance awakina, na kora su ƙofar mai unguwa tun rana ba ta yi zafi ba. Malamin ya iso da kular ƙanƙara ɗaure a bayan babur. Aka zo, ba zan ce ba a zo ba. Tsofaffin da suka san Malama sun zo, da waɗanda suka ji kunyar idona. Amma rabin unguwa ba su kwance ko igiya ɗaya ba, kuma garken matar ƙanena, wanda shi kaɗai ya isa ya cika fili, yana can a turke yana shan ruwan gari. Malamin ya jira, ya aika a sake kira, ya duba hanya. Daga baya ya haɗa kwalbar ya yi wa waɗanda ke nan. Abin da ya saura na ga ya ɗaga shi a rana ya girgiza kai ya mayar cikin kula, na zubarwa. Mai unguwa ko kallona bai yi ba. Ya gode wa malamin ya shige zaure. Da ya yi mani faɗa da ya fi mani sauƙi.

Shekarar kuma annoba ba ta shigo unguwarmu ba. Allah ya tsare, na gode masa, amma sai da na yi ta haɗiye magana, don duk inda muka haɗu da matar ƙanena sai ta shafa bayan wata akuya ta ce, "Yaya, kin ga aikin gari?" Bana kuwa, kamar yadda aka faɗa, ba a kawo mana kula ba. Mu da muke so muka kora awaki har wata unguwa, ni da gwiwoyin nan, bunsuru na fizge ni a kan hanya yara na dariya.

Ofis ba su dawo da Malama ba. Abin da suka ƙara shi ne yanzu yarinyar tana fara cewa ita na'ura ce kuma saƙon daga ƙungiya yake. Na ce wa malamin mai baro ma yana iya rubuta mata haka. Ya ce gaskiya ne, Inna, amma ya za mu yi.

Wayar tana wurina har yau. Saƙo in ya shigo sai in rufe ƙofa in saurara ni kaɗai, sau biyu ko uku, abin da ban gane ba in kira malamin in tsare shi, sannan in fita in faɗa da bakina. Gidan da da nake gamawa kafin tukunya ta tafasa yanzu sai in yi rabin hantsi, don mutum ana katse shi, ana gardama da shi, ana ba shi labarin ciwon baya. Kwanan baya mai gilashi ta kira ni, wai masu ba su kuɗi suna son sanin mata nawa ke sauraren saƙon murya a unguwarmu. Na ce ta rubuta ɗaya. Ta ce, "Ɗaya kuma, Inna? Ai ba za su ji daɗi ba." Na ce ta rubuta ɗaya, ina shafa man zafi ne, hannuna da maiƙo, na kashe wayar.